Motata Homa ce ta bashi: lita ta kai nawa ne kafin ta kasa biyan kanta?

Mai Homa Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Homa biyu masu kujera 18 suna jigilar Kano zuwa Kaduna. Ɗaya na gama biyanta, ɗayar kuma bashi ce, duk wata ina kai naira 600,000, saura wata goma sha huɗu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba na samun natsuwa kan maganar mai, shi ya sa na zauna na yi lissafi kala uku: idan mai ya sauka, idan ya ɗan hau, da idan ya yi mummunan tashi. Amma abin da ya fito ya rikita ni, ina so masana su duba min.

Ga yadda motar bashin take yanzu a sawu ɗaya, zuwa da dawowa. Tana shan lita 70, ina saye a 900, ya kama 63,000. Kujera 6,000 ce. A Kano tana cika 18, dawowa kuwa idan aka haɗa da na hanya ba ta wuce mutum 12, wato kujera 30, kuɗi 180,000. Kuɗin tasha da kamasho 15,000, na hanya 5,000, direba da yaron mota 18,000, sai 24,000 da nake warewa don baƙin mai da taya da birki. Waɗannan huɗun 62,000 ke nan. Abin da ke saura 55,000. Tana yin sawu 20 a wata, 1,100,000, in cire na bashi in rage da 500,000.

To da na zo mafi munin, na sa lita 1,500, na ce ai dole kujera ta koma 8,000. Sai na ga saurana ya zama 73,000 a sawu. Wato na fi samu a ranar tsanani fiye da yau. Zuciyata ba ta yarda ba, amma na kasa ganin inda na kauce.

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ban ga kuskure ba. Ai mai mota ba ya asara a tashin mai, fasinja ne ke biya. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin ma gidajen mai su gama gyara lita an ninka kuɗin mota a tashoshi. Ka kwantar da hankalinka.

Direban Kawo:
Baban Sadiƙ, gaskiya ne kuɗin mota ya tashi nan take, amma kana tasha a watannin da suka biyo baya? Ni ina ciki. Motar da muke cikawa kafin ƙarfe tara na safe sai ta kai azahar ba ta cika ba. Mai zuwa biki ya fasa, ɗan kasuwar da ke zuwa sari duk mako ya koma bayar da saƙo, ɗalibi ya daina zuwa gida sai hutu. Akwai ranakun da na kwana a Kaduna layina bai zo ba. Oga, kujera 30 ɗin da ka bari a lissafinka ita ce matsalar.

Malam Akawu:
Direban Kawo ya taɓo wurin. Alhaji, na yi shekaru ina riƙe wa masu motocin haya littafi, kuma kusan kowa nan yake tuntuɓe: sai ya canza farashin lita da kuɗin kujera, ya bar sauran kamar ba abin da ya faru. Alhali idan mai ya motsa, abu huɗu yake ja tare da shi: kuɗin kujera, yawan fasinja, yawan sawun da mota za ta yi a wata, da kuɗin gyara. Na gyaran yana bi ne domin abin da ke ɗaga mai a yanzu, wato canjin dala, shi ne dai ke ɗaga taya da baƙin mai. Ka tuna a Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafi, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai duka biyun suka haɗe mana.

Kafin komai ka riƙe wannan a ka: tunda motarka lita 70 take sha, duk ƙarin naira 100 a lita 7,000 ne a sawu. Ya fi kuɗin kujera ɗaya. Wannan kaɗai zai ba ka damar yin lissafi kana tsaye a gidan mai.

Yanzu buɗe shafi uku a littafinka. Zan cika su da zatona, kai da direbanka ku gyara.

Shafin da na fi zato: lita 1,050, mai ya ci 73,500. Kujera ta koma 6,500, fasinja ya ragu kaɗan zuwa 28, kuɗi 182,000. Sauran kashe-kashen su tashi daga 62,000 zuwa 66,000. Saura 42,500 a sawu, 850,000 a wata, bayan bashi 250,000. Ka duba da kyau, naira 150 kawai aka ƙara a lita, amma abin da kake kaiwa gida ya rabe biyu. Dalili shi ne mai bashi ba ya rage nasa, don haka duk girgizar a kasonka take sauka.

Shafin tsanani: lita 1,500 kamar yadda ka sa, mai 105,000, kujera 8,000. Amma fasinja 24 ne, ba 30 ba, kuɗi 192,000. Sauran kashe-kashe 75,000. Saura 12,000 kacal. Kuma saboda lodi ya yi nauyi ga layin mai, sawu 14 za ta yi maimakon 20. Ta kawo 168,000 a wata, ana binka 600,000. Ramin 432,000 ke nan duk wata, a daidai wurin da ka hango riba.

Mai Homa Biyu:
Innalillahi. Malam, to shafin sauƙin fa? Ni na sa lita 800 na ga saurana ya koma 62,000.

Malam Akawu:
Shi ma sai ka ja sauran tare. Idan mai ya sauka zuwa 800 ka rage 7,000, gaskiya ne, amma masu Sharon da ke lodi a bakin titi za su fara karya farashi, fasinja ya ce ai mai ya sauka, ƙungiya ta sassauto zuwa 5,500. Ka samu mutum 32, kuɗi 176,000, ka cire mai 56,000 da 62,000, saura 58,000. Ƙarin dubu uku kawai a kan na yau. A wata 560,000 bayan bashi. Wannan shafin amfaninsa ɗaya ne, ya hana ka ɗauko mota ta uku da bashi ranar da ka ji an rage mai.

Baban Sadiƙ:
Malam Akawu, da girmamawa, ina ka samo 24 ɗin nan da 14? Ni ma zan iya cewa 27 da 18, ka ga ramin ya cike. Ai wannan duba ne ba lissafi ba.

Malam Akawu:
Tambayarka tana kan hanya, kuma na faɗa tun farko zatona ne. Ba ni ke da lambar gaskiya ba, littafin Alhaji ne ke da ita. Alhaji, idan motarka ta farko tana hanya a 2023, ɗauko abin da ta kawo a Afrilu da Mayu, ka jera da na Yuni, Yuli da Agusta. Ka duba sawu nawa ta yi da mutum nawa take ɗaukowa a dawowa. Kason da suka ragu a lokacin shi za ka ɗora a kan na yau. Ka sake yin haka da Satumba da Oktoban 2024, lokacin da lita ta tashi daga ɗari shida da wani abu ta haye 1,000. Girgiza biyu ke nan da ka gani da idonka a kan hanyarka, sun fi duk wani zato nawa.

Abu ɗaya dai, kada ka haɗa da makon sallah ko ƙarshen shekara. Lokacin ko nawa aka sa kujera za a shiga, zai ɓata maka ma'auni.

Mai Homa Biyu:
Kuɗin da direba ke kawowa kawai nake rubutawa a lokacin, ban rubuta yawan mutane ba. Amma ranakun aiki suna nan. Na duba yanzu, Mayu sawu 21, Yuli 15.

Direban Kawo:
Ka ga Malam bai yi nisa ba. Yawan mutane kuma ka tambayi ɗan kamashon da ke yi muku lodi, su ba sa mantawa.

Ɗan Kwanar Dawaki:
Ni shawarata mai sauƙi ce. Ka sayi duro biyar ka cika ka ajiye. Ranar da aka ƙara kai kana da na tsohon farashi.

Hajiya Mai Sharon:
Don Allah ɗana kada ka sake ba wani wannan shawarar. Fetur a duro cikin gida, ga yara ga zafin Kano? Ba a wasa da wuta. Kuma ko ta fuskar kuɗi, duro biyar lita dubu ce, motar Alhaji ɗaya za ta shanye ta a sawu goma sha huɗu. Sannan mai yanzu ba hawa kaɗai yake ba. Daga ƙarshen 2024 zuwa cikin 2025 matatar Ɗangote ta rage farashi ba sau ɗaya ba, wanda ya tara a lokacin shi ya ci asarar.

Ni abin da nake so in faɗa wa Alhaji daban ne, don ya faru da ni. Sharon biyu gare ni, kuma a tsarin balas nake bayarwa: direba ya sayi mansa, ya kawo min abin da muka yanke duk mako. Da mai ya tashi sai na ɗauka ni ban da matsala, tunda ba ni ke shiga gidan mai ba. Ban rage masa ko sisi ba, shi kuma bai taɓa yi min gardama ba, balas na zuwa cif. Ashe abin da ake yi, an daina juyen baƙin mai a kan lokaci, ana labta wa but kaya har mota na jan ƙasa, ana tafiya da tayar da ta suɗe. Wata na huɗu inji ya buga a hanyar Zariya. Abin da na kashe a gyaran ya fi ragin da zan yi masa sau da yawa, ga mota ta yi mako uku a gareji. Har yau abin yana damuna, domin da na zauna da yaron nan na tambaye shi nawa yake rage masa a rana, da ba a kai nan ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Saboda haka a shafin tsananin nan, 18,000 ɗin direba da yaron mota, ku tabbata kun ɗaga ta. Su ma abinci ya tashi a gidajensu.

Malam Akawu:
Hajiya ta faɗi abin da littafi ba ya nunawa. A cikin 75,000 ɗin na ƙara wa direba, amma ban fito da shi fili ba. Kuma Alhaji, kuɗin gyaran nan da kake warewa shi ne abin da hannu ke fara kaiwa idan an matsu. Idan ka ga ka fara cin sa don cika na bashi, to ka riga ka shiga shafin tsanani ko da lita ba ta kai 1,500 ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni ina jigilar Maraɗi da Zinder. Mu nan farashi gwamnati ke yankewa, ba ya rawa kamar naku, kuma muna da matatar SORAZ. Amma da kuka cire tallafi, man da ke shigo mana ta iyaka ya yi ƙasa, kowa ya koma gidan mai. A watan Maris na 2025 sai ga esansi, wato fetur, ya yi wuya, farashi na nan a rubuce amma babu abin sayen. Na kwana biyu a layi. Don haka ni shafina mafi muni ba tsada ba ce, rashi ne. Ku ma ina ganin ku raba su biyu.

Direban Kawo:
Haka ne wallahi. Ranar rashi ko dai ka kashe yini a layi, ko ka sayi na 'yan bumburutu da tsada kuma ba ka san me aka gauraya ba. Ni na gwammace in rasa sawu da in zuba abin da zai kashe min famfon mai.

Malam Akawu:
Na karɓi gyaran Ɗan Maraɗi. Ba sai an buɗe shafi na huɗu ba, amma a ƙasan na tsanani a rubuta: kowane sawun da aka rasa nawa ne. A yau 55,000 ne. Mako guda na rashin mai, sawu biyar, 275,000, fiye da rabin abin da Alhaji ke kaiwa gida a wata.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi lambobin nan amfani. Shafi uku ba su da wata fa'ida idan ba a rubuta a ƙasan kowanne abin da za a yi da kuma alamar da za ta sa a yi shi ba. Kuma alamar da na fi yarda da ita ba allon gidan mai ba ne, ƙidayar kujera ce. Raba bashin wata da yawan sawu, ka ɗora a kan kuɗin sawu, ka raba da kuɗin kujera. Yau: 125,000 da 30,000, a raba da 6,000, kujera 26 kake buƙata, kana samun 30. A shafin da na fi zato kana buƙatar 27, kana samun 28, saura ƙiris. A na tsanani kana buƙatar 28, kana samun 24. Sai ka ce wa direba duk dare ya turo maka abu biyu kawai, lita nawa ya sha da mutum nawa ya ɗauka. Idan mako biyu a jere ƙidayar ta faɗi ƙasa da abin da ake buƙata, ba sai ka jira ƙarshen wata ba.

Baban Sadiƙ:
To idan tana buƙatar 28 tana samun 24, ai sai a jingine ta kawai. Me ya sa za a ci gaba da kashe mota a banza?

Malam Akawu:
A'a, a nan ne mutane ke yanke hukunci cikin fushi. Bashin nan ko tana tafiya ko tana fake sai an biya. Idan ka jingine ta ramin 600,000 ne, idan tana tafiya 432,000. Ma'aunin jinginewa daban ne: kuɗin sawun kansa ba tare da bashi ba, 180,000 a raba da 8,000, wato kujera 23. Ƙasa da 23 kana ƙona kuɗinka ne, a fake ta. Tsakanin 23 da 28 tana rage maka ciwo ne ko da ba ta warkar ba, a bar ta ta yi aiki.

Kuma tunda motoci biyu ne, akwai dabara a tsakiya: a ranakun da kasuwa ta mutu, kamar tsakiyar mako, a fitar da ɗaya kawai.

Direban Kawo:
Malam, wannan ta ƙarshen ba za ta yi yadda kake zato ba. Ba Oga kaɗai ke da mota a layin ba. Idan ya janye ɗaya, fasinjan ba ya komawa ɗayar tasa, na bayansa a layi ne ke ɗauka. Sai dai in ƙungiya ce ta rage motoci gaba ɗaya. Abin da na ga yana taimako shi ne saƙo da kaya a dawowa, da shata. Buhu biyu uku da 'yan kwalaye suna biyan kuɗin kujera biyu, kuma ba sa fasa tafiya don an ƙara ɗari biyar.

Malam Akawu:
Ka fi ni sanin tasha, na janye. A rubuta saƙo da shata a madadinta.

Mai Homa Biyu:
Na fahimta sosai. To nawa ya kamata in tara a gefe? Kuma ku tuna ɗayar motar ba ta da bashi.

Malam Akawu:
Ita ma a shafin tsanani 168,000 za ta kawo, kada ka lissafa ta da kuɗin yau. Ka cire daga 432,000, ramin ya koma 264,000 a wata, kuma wannan kafin cefanen gidanka. Ni wata uku nake auna wa mutane, domin a abin da na gani kusan haka fasinja ke ɗauka kafin ya saba da sabon farashi ya dawo. Wata uku 792,000 ne, ka ɗora cefanen wata uku a kai. Idan kana cire 150,000 duk wata daga yanzu, cikin wata shida ka haɗa na ramin. A asusu daban, ba wanda kake biyan bakanike da shi ba.

Sannan ka je wurin mai bashin yanzu da kake biya a kan lokaci, ka nemi a rubuta cewa idan lita ta wuce wani adadi za a rage biyan wata a tsawaita lokaci. Yau zai saurare ka. Ranar da kowa ya zo da kuka ba zai iya ba.

Injiniya Ƙarami:
Duk wannan wahalar, me zai hana a mayar da motar ta koma iskar gas ta CNG? Gwamnatin tarayya tana da shiri a kai tun 2023, kuma ta fi fetur araha nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Sharon:
Na yi tunaninta. Tukunyar tana cin wurin kaya, kuma kun ji direba ya ce kayan ne ke ceton dawowa. Sannan a ina zai sha a hanya? Idan sai ya yi layin awa uku, sawun ya tafi.

Injiniya Ƙarami:
Hajiya, ai ba a cire fetur ɗin, motar tana amfani da duka biyun. Kuma bututun iskar gas na AKK daga Ajaokuta ta Kaduna zai bi ya ƙare a Kano, daidai hanyar Alhaji.

Malam Akawu:
Ni ba na sa abin da bai zo hannu ba a shafin da na fi zato. Alhaji ya tambayi kuɗin juyawar, ya nemi direban da ya riga ya yi a wannan hanyar ya ji nawa yake ragewa a sawu da awa nawa yake ɓatawa, sai a raba a ga wata nawa za ta mayar da kuɗinta. Idan za a gwada, a fara da wadda ba ta da bashi.

Baban Sadiƙ:
Har yanzu 1,500 ɗin nan ban gamsu da ita ba, amma yanzu ta ɗaya gefen. A Janairun 2012 daga 65 aka kai 141 a dare ɗaya, sai da aka yi yajin aiki aka dawo 97. A 2023 daga ƙasa da 200 aka haye 500. Duk ninki ne ko fiye. Me ya sa mafi munin Alhaji bai kai 1,800 ba?

Malam Akawu:
Waɗancan biyun cire tallafi ne, gwamnati ta saki abin da ta danne. Yanzu farashin yana bin ɗanyen mai da dala, ya fi yawan hawa mataki-mataki. Shi ya sa na bar ta a inda Alhaji ya sa.

Baban Sadiƙ:
Dizal ba shi da tallafi a 2022, amma da aka fara yaƙin Rasha da Yukiren ya ninka cikin 'yan watanni. Tambayi masu tirela.

Malam Akawu:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan musa ba. To Alhaji ya gwada 1,800 ya gani: mai 126,000, ƙarin 21,000 a kan na 1,500. Idan kujera ta tsaya a 8,000 da mutum 24, sawun kansa ya koma asarar 9,000, wato fakewa. Ko kujera za ta iya kaiwa 9,000 mutane su ci gaba da shiga, wannan ni da kai za mu daɗe muna ja.

Mai Homa Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira direbobin biyu, daga gobe za su riƙa turo lita da ƙidayar mutane duk dare. Ranar Asabar zan je wurin mai bashin. Direban Kawo, idan ka san wanda ya juya Homarsa zuwa gas a layin Kaduna, don Allah ka haɗa ni da shi.

Direban Kawo:
Akwai mutum ɗaya, amma Sharon ce tasa ba Homa ba. Zan tambaye shi gobe idan mun haɗu a lodi.